Kuɗin shago da kuɗin aljihu: wasiƙa ga ɗan kasuwa mai tasowa

"Baba, shagon nawa ne, jarin ma nawa ne, ba ni da abokin tarayya. Ciniki kuwa ana yi, ba laifi. Amma duk lokacin da na je saro kaya sai in ga abin da zan iya saya bai kai na wancan karo ba. An ce min wai don ina haɗa kuɗin shago da na kaina ne. To idan duka nawa ne, mene ne amfanin raba su?"

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya, dukiyar taka ce, babu mai kai ka ƙara don ka zura hannu a durowar shagonka. Amma kuɗin da ke cikin durowar nan da yamma yawancinsu suna da wurin zuwa tun kafin su shigo. Idan ka sayi abu 100 ka sayar 120, to cikin kowace 120 da ta shiga hannunka, 100 kuɗin mayar da kayan ne a kan kanta. Saura 20, kuma a cikin 20 ɗin nan ne mai hayar shago, mai dako, yaron shago da kai kanka za ku ci. Kashi ɗaya cikin shida ke nan na abin da idonka ke gani. Matsalar ita ce takardar kuɗi ba ta da tambari a goshi. Wadda take uwar kuɗi da wadda take riba kamarsu ɗaya, suna kwance tare, kuma hannun da ya shiga ɗaukar kuɗin cefane ba ya tambayar wace ce wace.

Bari in ba ka labarin wani matashi da na taɓa duba wa lissafi, don lamarinsa ya yi kama da naka. Na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi.

Ya fara da jarin 600,000. Bayan wata shida ya zo mini ransa a ɓace, yana cewa yaron shagonsa na yi masa sata, so yake in tabbatar masa kafin ya kore shi. Na ce ya kawo littafinsa. Ya kawo wani ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta, gefensa duk ya naɗe, ya rubuta cinikin kowace rana ba fashi. Abin da ya fita kuwa babu ko layi ɗaya. Haka yawancin masu farawa suke, shigowar kuɗi tana da daɗin rubutawa, fitarsu ba ta da shi.

Tun da babu lissafin fita, sai muka bi ta hanyar da akanta ke bi idan takardu ba su cika ba, wato auna dukiyar shagon gaba ɗaya a rana guda. Muka rufe ƙofa bayan la'asar, muka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan kuɗin da aka saro shi. Kada ka taɓa ƙirga kaya a kan kuɗin sayarwa, don ribar da ba a ci ba tukuna ba taka ba ce. Kaya suka tashi 380,000. A durowa akwai 45,000, a banki 30,000. Bashin da yake bin mutane, wanda muka ga alamar za a biya, 60,000. Jimla 515,000. Shi kuma masu ba shi kaya suna bin sa 65,000. Da aka cire, abin da ya rage nasa 450,000 ne. Jarin 600,000 ya koma 450,000. Rubu'in dukiyar ya tafi cikin wata shida.

Ya ce, "Ka gani ko? Ai na faɗa maka."

Na ce masa ban ga komai ba tukuna. Wannan giɓi na 150,000 zai iya zama labari biyu mabambanta, kuma a nan ne amsar tambayarka take. Labari na farko shi ne kasuwar ce ke faɗuwa: ribar da yake ɗorawa ta yi kaɗan, ko haya ta yi yawa, ko kaya na lalacewa, ko da gaske ana sata. Labari na biyu shi ne kasuwar na cin riba lafiya lau, amma mai ita yana ɗiban fiye da abin da take haifarwa. Maganin na farko shi ne a ƙara farashi, a sauya haja, a sauya wuri, ko a rufe. Maganin na biyu shi ne a bar kasuwar yadda take, a riƙe hannun maigida. Wanda ya sha maganin wancan alhali ciwonsa wannan ne, ya ƙara wa kansa cuta. Kuma babu akantan da zai iya gaya maka wanne ne cikin biyun, komai ƙwarewarsa, sai ya san lamba guda ɗaya: nawa ka ɗiba don kanka. Wannan lambar ce ake rasawa idan an cakuɗa kuɗi.

Ƙa'idar da muke aiki da ita mai sauƙi ce. Ka ɗauki dukiyar shago ta ƙarshen lokaci, ka cire ta farko, ka ƙara abin da mai shago ya ɗiba, ka cire duk wani sabon kuɗi da ya zuba daga waje. Abin da ya fito shi ne riba ko hasara ta gaskiya.

Sai na ba shi aiki na wata guda. Na ce kada ya sauya komai a yadda yake kashe kuɗi, ya ci gaba kamar kullum, illa dai duk abin da ya ɗauka don kansa ko don gida, ko da kuɗin mota ne, ya rubuta a bayan littafin kafin kuɗin su shiga aljihunsa. Na tambaye shi nawa yake tsammanin za su kai. Ya yi ɗan tunani ya ce ba za su wuce 25,000 ba.

Da wata ya cika muka tara. Ƙananan ɗiba na kullum, na abinci, na mota, na katin waya, na wanda ya zo da buƙata, sun kai kamar 1,500 a rana, wato 45,000 a wata. Sannan akwai manya guda biyu, kuɗin magani da wata gudummawa, 15,000. Jimla 60,000. Ya daɗe yana kallon shafin, yana bi da yatsa layi-layi ko zai ga wanda ba nasa ba. Duka rubutun hannunsa ne.

A ɗaya ɓangaren, cinikinsa na wata yana kai 450,000. Kashi ɗaya cikin shida na wannan shi ne 75,000, ribar da ke kan kaya kafin a cire ɗawainiya. Haya 15,000, dako da sufurin kaya 8,000, wuta da wayar shago 5,000, yaron shago 12,000, duka 40,000. Ribar da ta rage masa 35,000 a wata. Yana samun 35,000 yana cin 60,000. Kowane wata 25,000 na fita daga uwar kuɗi, sau shida 150,000 daidai, giɓin nan da muka gani. Idan ka bi ta ƙa'idar da na faɗa maka ma haka za ta ba ka: 450,000 a cire 600,000, a ƙara 360,000 da ya ɗiba cikin wata shida, ya ba da ribar 210,000. Kasuwarsa mai kyau ce, ta ba shi fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinsa a rabin shekara. Yaron shagon bai ɗauki ko kwabo ba, kuma saura kaɗan ya rasa aikinsa da mutuncinsa a kan laifin da ba nasa ba.

Abin da ya sa wannan ciwo yake da haɗari shi ne ba ya tsayawa a inda ya fara. Jari ya ragu, kaya sun ragu a kanta, mai saye ya zo ya tambayi abu ka ce ya ƙare, ya tambayi wani ka ce sai jibi, gobe sai ya wuce maƙwabcinka. Da cinikin matashin nan ya sauka zuwa 360,000, ribar kan kaya za ta koma 60,000. Haya ba ta san ciniki ya ragu ba, albashin yaro ma haka, 40,000 ɗin nan tana nan daram. Saura 20,000. Gida kuwa har yanzu 60,000 yake ci. Ramin da yake 25,000 a wata ya zama 40,000. Daga nan sai a fara karɓar kaya bashi don cike kanta, shago ya yi kyan gani a ido alhali rabin abin da ke ciki na mutane ne. Alamar da ka gani da kanka, cewa sarinka yana raguwa duk da ana ciniki, ita ce ta farko. Ta biyu ita ce ka fara jinkirta biyan masu ba ka kaya. Ta uku, ka riƙa cika kanta da kwalayen da babu komai a ciki. Kai a ta farko kake, gyara bai yi wuya ba.

Yanzu ga yadda za ka yi.

Ka fara da ƙidayar nan da na bayyana, a wannan makon. Ka rubuta kwanan wata da lambar da ta fito. Wannan shi ne jarinka na yau, ka manta da wanda ka fara da shi. A bashin da kake bi, kada ka saka wanda zuciyarka ta san ba zai dawo ba, kayan da suka lalace ko suka kwana biyu ba mai tambaya kuma ka rage musu kuɗi zuwa abin da za su iya sayuwa. Mutum yakan so ya yi wa kansa sassauci a nan, amma lambar da aka kumbura ba ta amfanar kowa.

Sai ka raba ma'aji. Asusun banki biyu, ko lambar karɓar kuɗi ta waya biyu, ɗaya na shago ɗaya naka. Duk mai saye ya tura a na shago. Wannan shi ne wurin da ya fi yoyo a zamanin nan, don a da kuɗi na durowa ana ganinsu, yanzu kuwa ciniki na shiga wayar da ke aljihunka, ka tsaya a hanya ka biya wani abu da ita ba tare da ka ji ka taɓa kuɗin shago ba. Idan wani ya yi kuskure ya tura a naka, ka mayar da su na shago a ranar. Tsabar kuɗi ma haka, na shago a durowa ko jaka tasu daban, kada su kwana a aljihun rigarka.

Sannan ka yanka wa kanka albashi. A littafin akanta wannan ba albashi ba ne na gaskiya idan kai kaɗai ne mai shagon, ɗiba ne daga rabonka, ba a lissafa shi cikin ɗawainiyar kasuwa. Amma ka ɗauke shi tamkar albashi: adadi tsayayye, a rana tsayayya. Ina ba masu ƙaramin shago shawarar mako-mako, don wanda ya saba ɗiba kullum ba ya iya jiran ƙarshen wata, kafin ranar goma ya koma durowa. Adadin kuma ya kasance ƙasa da ribar da kake samu, kuma ka auna shi da watan da kasuwa ta yi sanyi. Matashin nan mun tsayar masa da 25,000 daga cikin 35,000.

Za ka ce me ya sa ba zai cinye 35,000 ɗin duka ba tun da riba ce. Dalili shi ne farashin sari ba ya zama wuri ɗaya. Ka sayi abu 100, ka sayar 120, ka koma sari ka tarar ya zama 110. A takarda ka ci ribar 20, amma idan kana son kantarka ta koma yadda take, 10 kawai za ka iya taɓawa. Wanda ya cinye 20 ɗin zai ga lambar jarinsa ba ta ragu ba, amma yawan kayansa na raguwa. Saboda haka bayan ƙidayar kuɗi, ka riƙa lura da yawan kaya ma: katan nawa nake iya saya yau, nawa nake saya wata uku baya. Ban da wannan akwai fashewa, ɓacewa, da bashin da ke mutuwa, duk a cikin ragowar nan za su fita.

Ba zan ɓoye maka ba, a nan ne abin yake da ɗaci. Matashin ya ce da ni, "To Baba, gidana 60,000 yake ci, yaya zan yi da 25,000?" Raba kuɗi ba ya ƙara kuɗi. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka girman giɓin tun kana da jarin da za ka ceta. Shi dai da ya duba jerin nan nasa ya ga kusan rabin ƙananan ɗiban ba dole ba ne, sun faru ne kawai don kuɗin na kusa da hannu. Sauran kuma ya nemi wata 'yar hanya ta gefe ya cike. Wani zai duba ya ga babu abin ragewa, shagon ne bai kai ya riƙe gida ba tukuna. Wannan ma sani ne mai amfani, ya fi a gano shi ranar da kanta ta zama wayam.

Akwai wurare uku da rabon yake rikicewa ko ga mai niyya mai kyau. Na farko kayan da kake ɗauka daga shago zuwa gida. Mutane ba sa jin wannan a matsayin kashe kuɗi, don ba kuɗi suka taɓa ba. To kuɗi ne. Ka rubuta shi a shafin ɗibanka a kan kuɗin sari, ka cire daga albashin makon. Na biyu abin da kai da shago kuke amfani da shi tare, kamar waya ko babur. Kada ka wahalar da kanka da lissafin kowace tafiya. Ka duba sau ɗaya da gaskiya, ka ce misali kashi biyu cikin uku na man babur na shago ne, ɗaya nawa, ka tsaya a kan haka har sai yanayi ya sauya.

Na uku ya fi su nauyi, wato ɗan'uwa ko aboki da ya zo neman rance ko kaya bashi, wanda kai da shi kun san ba ciniki ba ne. Ban ce ka hana ba, alheri abu ne mai kyau kuma ba aikin akanta ba ne ya hana shi. Amma kai ne kake yin alherin, don haka daga rabonka zai fita. Ka rubuta shi a shafinka, kada ka saka shi a jerin masu bashin shago inda zai zauna shekara yana kumbura lissafi. Za ka kuma tarar rabon ya ba ka bakin magana. "Nawa na wannan makon ya ƙare, sai mako mai zuwa" magana ce da ake iya faɗa ba tare da ƙarya ba, kuma ta fi sauƙi a kan ka ce babu alhali mutum yana kallon durowa cike.

Idan larura ta gaske ta taso, rashin lafiya ko makamancinta, ka ɗauka. Ba don a bar mutum cikin wahala ake tsare jari ba. Sai dai ka rubuta adadin da ranar, ka kuma yanke nawa za ka riƙa mayarwa duk mako.

Kuɗi kuma suna bi ta ɗaya hanyar, wannan mutane ba su cika lura da shi ba. Na taɓa duba wa wata baiwar Allah mai aikin albashi da ta buɗe shago a gefe. Kullum shagonta cike, tana alfahari da shi. Ashe duk ƙarshen wata tana cike kuɗin sari da biyan haya daga albashinta ba tare da ta rubuta ba. Da muka cire abin da ta zuba, sai ga shi shagon ya fi shekara yana hasara, albashinta ne ke rufa masa asiri. Don haka duk abin da ka saka daga aljihunka, ka rubuta, ka kuma bayyana ko ƙarin jari ne ko rance ne da shago zai mayar maka.

Sauran amfanin ba sai na tsawaita ba. Ranar da za ka nemi rance a banki ko wani ya so zuba kuɗi a kasuwarka, takardar shige da ficen asusunka za a nema, kuma asusun da ciniki ya cakuɗe da kuɗin makaranta da na asibiti ba ya nuna wa kowa ƙarfin kasuwa. Masu karɓar haraji ma idan suka ga kuɗi sun shigo, kai ne za ka nuna cewa wannan kyauta ce ko rance ne ba ciniki ba. In kuma ta Allah ta kasance, magada da masu bin bashi za su san abin da ke na wa.

Abu ɗaya na shari'a ya kamata ka sani tun yanzu. Muddin kai kaɗai kake kasuwanci da sunanka, ko da sunan kasuwa da ka yi wa rajista kawai, doka ba ta ganin bambanci tsakaninka da shagon. Bashin shago bashinka ne, asusu biyu ba zai kare kayan gidanka ba. Rabon da nake gaya maka na lissafi ne. Amma idan ka girma ka yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki, lamarin ya sauya. Tun hukuncin shari'ar Salomon da kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin, wato Majalisar Dattawanta, ta yanke a 1896, ƙasashen da suka gaji wannan tsarin doka suna ɗaukar kamfani a matsayin mutum mai zaman kansa, daban da mai shi, ko da kusan duk hannun jarin nasa ne. A lokacin kuɗin kamfani ba naka ba ne ko a gaban alƙali, sai abin da ya fito ta hanyar albashi, rabon riba, ko rance da aka rubuta. Waɗanda na ga sun fi shan wuya da wannan su ne waɗanda suka shiga kamfani da tsohuwar ɗabi'ar durowa.

Bayan wata uku da ƙidayar farko, ka sake rufe shago ka yi ta biyu, a kan ƙa'ida iri ɗaya. Ka zo mini da lambobin biyu da shafin ɗibanka, mu zauna mu ga ko albashin da ka yanka wa kanka shagon zai iya ɗauka, ko sai an rage, ko ma akwai damar ƙari. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ɗaure biro a jikinsa da zare, don na sha jin cewa rashin biro ne ya hana rubutu.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Baban lissafi